Jerin fankoki da jadawalin gudunsu: wanne tsari ne ke riƙe zafin kwamfuta a dogon zama?

Kwamfutar tebur ba ta nuna ainihin zafinta a minti goma na farko. Sai an shafe sa'a guda ana wasa ko ana haɗa bidiyo, ƙarafan ciki sun ƙoshi da zafi, iskar da ke cikin akwatin ta ɗumama, ɗakin ma ya ɗauka, sannan za ka ji fankoki sun fara ihu, hoto kuma ya fara tsinkewa. Mai wannan matsala yana da shawara biyu a gabansa. Ta farko, ta ina iska za ta shiga akwatin, ta ina za ta fita. Ta biyu, wane ma'aunin zafi fankokin za su riƙa bi wajen ƙara gudu da ragewa. Ni a ganina ta farkon ce ke yanka iyakar sanyin da za a iya samu, ta biyun kuma ita ke sa a kai wannan iyakar ba tare da kunne ya wahala ba. Yawancin mutane ta biyun suke fara taɓawa, don ba ta buƙatar sukudireba.

Bari mu ɗauki na'ura guda mu bi ta har ƙarshe: Ryzen 5 5600X da katin hoto RTX 3060, da na'urar sanyaya CPU irin mai tsayin nan ta iska, a cikin akwati mai raga a gaba. Katin hoton yana cin wat 170 idan aiki ya kai maƙura. CPU ɗin, ko da yake an rubuta masa wat 65, yakan kai 76. Idan aka haɗa da madabod da ma'ajiya da sauran tarkace, a ɗauka wat 300 don lissafi ya yi sauƙi. Duk wutar nan zafi take komawa, kuma iska ce kaɗai za ta fitar da shi waje.

Akwai lissafi ɗan gajere da ke nuna yawan digirin da iska za ta ƙaru tsakanin shigarta da fitarta. CFM shi ne ma'aunin yawan iskar da ake rubutawa a jikin kwalin fanka:

```
ΔT (°C) ≈ 1.76 × W ÷ CFM
```

Idan iskar da ke ratsa akwatin ta kai CFM 50, za ta fita da ƙarin digiri 10 da ɗoriya. Idan ta kai 100, ƙarin ya koma digiri 5 da 'yan kai. A 150 kuwa digiri 3 da rabi ne. Dubi yadda ribar ke raguwa: ninkin farko ya sauke digiri biyar, ƙarin da ya biyo baya bai kai biyu ba. Shi ya sa fanka ta biyu da ta uku suke yin abin a zo a gani, ta bakwai da ta takwas kuwa ado ne da fitilu. A kuma lura, iskar da ta ratsa ake ƙirgawa. Ba a haɗa ta fankar gaba da ta fankar baya a ce an samu ninki biyu, domin iska ɗaya ce ta shiga ta nan ta fita ta can.

Shiga ta fi yawa, ko fita ta fi yawa

Tsari na farko shi ne fankoki biyu ko uku a gaba suna zuƙo iska ta cikin ragar tace ƙura, ɗaya a baya tana fitarwa. Tun da abin da ke shiga ya fi abin da fankar baya ke ɗauka, ragowar iskar takan nemi hanya da kanta, ta fita ta ramukan sama da na bayan katin hoto da duk wata kafa. Tsari na biyu akasin haka ne: ɗaya a gaba, ko ma babu, sai biyu a sama da ɗaya a baya duk suna fitarwa. A nan akwatin ne ke zuƙo iska ta kowace kafa da ya samu.

Tsari na biyun ba shirme ba ne, kuma bai kamata a yi masa rashin adalci ba. Yana kwashe iska mai zafi da sauri, kuma katin hoto yakan amfana, domin iska mai sanyi na shigowa ta ramukan da ke bayansa, dab da fankokinsa. A akwatin da aka toshe gabansa da gilashi ko roba, aka bar 'yan siraran ramuka a gefe, sau da yawa wannan tsarin ne ke ba da sanyi mafi kyau, don fankokin gaba ba su da inda za su shaƙa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: duk iskar da ta shigo ta kafofin nan ba a tace ta ba. Wanda ke zaune a Kano ko Damagaram ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa teburin da aka goge da safe. Wannan ƙurar ce za ta kwanta a tsakanin siraran faifan alminiyon na katin hoto, ta toshe su sannu a hankali, sai sanyin da aka samu a makon farko ya zube kafin bazara ta shigo, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Tsari na farko yana tilasta wa iska ta bi ta raga, don haka ƙurar takan taru wuri guda, inda za ka zare ka kakkaɓe cikin minti biyu. Farashinsa shi ne ragar kanta tana rage iska, kuma idan ta toshe aka manta da ita, komai ya juye: fankar baya ta ci gaba da ja, na gaba sun shaƙe, akwatin ya koma tsari na biyu ba tare da kowa ya sani ba. Alamar hakan a fili take. Duba ramukan da ke bayan katin hoto da gefen murfi. Idan ka ga layin ƙura ya zagaye bakin ramukan, ta nan iska ke shiga ke nan.

Ƙirga fankoki ba ya nuna wane tsari kake kai. Biyu a gaba masu fama da raga mai kauri suna iya gaza ɗaya a baya da babu abin da ya tare ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a kunna turaren tsinke a kawo shi kusa da ramukan baya, ƙasa da katin hoto, kwamfuta tana cikin aiki. Idan hayaƙin ya kauce waje, shiga ta fi yawa. Idan ka ga ya lanƙwasa ya sulale ciki, fita ce ta fi. Haka ma alkiblar fanka, ba sai an yi ta canki ba: a fanka ta yau da kullum, iska na fita ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe injin da takardar suna, kuma da yawa suna da 'yar kibiya a gefen firam.

Ga na'urarmu, da akwati mai raga a gaba, zaɓina shi ne na farko, amma da rinjaye kaɗan. Uku na milimita 120 ko biyu na milimita 140 a gaba, ɗaya a baya. Ba a son matsin ya yi yawa har iska mai zafi ta rasa mai jan ta.

Maganar fankokin sama tana son a tsaya a kanta, don nan ne ake yawan ɓarnar kuɗi. Mutum ya ji an ce zafi sama yake tashi, sai ya cika rufin akwati da fankoki uku. Gaskiya ne iska mai zafi na tashi, amma ƙarfin tashin nata bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da turin fanka ko da mai tafiya a hankali ce. Abin da ke faruwa shi ne fankar sama ta can gaba, wadda ke dab da fankar gaba ta sama, takan sace iska mai sanyi da zarar ta shigo, ta fitar da ita kafin ta kai ga CPU. Kamar ɗaki ne mai tagogi biyu a kusurwa guda: iska na shiga ta wannan ta fice ta waccan, wanda ke kwance a ƙuryar ɗaki yana ta gumi. Idan za a sa fanka a sama, guda ɗaya ta isa, a can baya, saman CPU ko bayansa kaɗan. Idan akwatin na da gurbin fanka a ƙasa, ƙarƙashin katin hoto, kuɗin fanka ta biyar ya fi amfani a can, tana turo iska kai tsaye cikin katin. Sai dai a ɗaga akwatin daga ƙasa, kada a ajiye shi kan darduma ko kafet.

Mai sanyaya CPU da ruwa yana da ƙarin tambaya guda: lagireto a gaba ko a sama. A gaba, CPU na samun iska mai sanyi, katin hoto kuma ya sha wadda ta ɗumama. A sama, akasin haka. Ga mai dogon wasa, inda katin hoto ne ya fi cin wuta, sama ya fi. Ga mai aikin da CPU ke ɗauke da nauyinsa na sa'o'i, gaba ya fi.

Yawa a hankali ko kaɗan da gudu

Kafin a shiga jadawali, akwai ƙa'idar fanka da ke sauƙaƙa zaɓi. Yawan iska na tafiya daidai da yawan juyi: ka ninka juyi, ka ninka iska. Ƙara kuwa ba ta bin wannan sahu, ninka juyi na ƙara kusan desibel 15, wanda a kunne ya wuce ninki biyu. Ƙara fanka ta biyu mai gudu iri ɗaya desibel 3 kawai yake ƙarawa, uku tare kuma kusan 5 a kan guda ɗaya. Ɗauki fankar Arctic P12, wadda ke kaiwa juyi 1800 a minti tana ba da CFM 56 idan babu abin da ya tare ta. Uku daga cikinta a juyi 900 za su ba da iskar da ta fi ta guda ɗaya a cikakken gudu da rabi, kuma ƙararsu ta yi ƙasa da tata da kusan desibel 10.

Amma akwai iyaka. Ƙarfin turi yana faɗuwa fiye da yadda juyi ke faɗuwa: a rabin gudu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage. Fankar da ke bayan raga mai ƙura tana buƙatar wannan turin. Don haka fankokin gaba idan aka sauke su ƙasa sosai, sai ka ga suna juyawa amma ba iskar kirki. Wannan ne dalilin da ya sa nake barin na gaba su ɗara ta baya gudu kaɗan.

Wa fankokin akwati za su bi?

Jadawalin gudun fanka layi ne da ke cewa idan zafi ya kai kaza, fanka ta yi gudu kashi kaza cikin ɗari. Ana zana shi a BIOS: Q-Fan a allunan madabod na ASUS, Smart Fan a na Gigabyte, Hardware Monitor a na MSI. Abu na farko da za a duba shi ne ƙafafun filogin fankar. Mai ƙafa huɗu a sa ta a `PWM`, mai ƙafa uku a sa ta a `DC`. Idan aka bar mai ƙafa uku a `PWM`, za ta yi ta gudu a maƙura ko me ka zana, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɗauka kwamfutarsa ce ke da ciwo.

Hanya ta farko, wadda galibin alluna ke zuwa da ita, ita ce fankokin akwati su bi zafin CPU. Tana da lahani biyu a dogon zama. Zafin Ryzen yakan yi tsalle da digiri goma ko fiye cikin daƙiƙa guda don kawai an buɗe wata manhaja, sannan ya sauko nan take. Fankokin sai su yi ta hawa da sauka, kuma wannan canjin sautin ya fi sauti mai ɗorewa damun mutum. Lahani na biyu ya fi muni. A yawancin wasanni katin hoton ne ke zuba wat 170 ɗinsa gaba ɗaya, CPU kuwa bai kai maƙurarsa ba. Ke nan fankokin suna kallon wanda ba shi ne ke hura wutar ba, suna tafiya a hankali alhali katin yana sake shaƙar iskar da ya fitar.

Hanya ta biyu ita ce gudu tsayayye. A sa fankokin akwati a wajen kashi 55 zuwa 60, layi a miƙe, sai can ƙarshe idan CPU ya haura digiri 85 su tashi gaba ɗaya. Ana raina wannan hanya, amma tana da kyau ƙwarai. Ba ta buƙatar manhaja, tana aiki a Windows da Linux duka, sautinta ba ya canzawa, kuma katin hoto na samun iska ko me CPU ke yi. Abin da za ka biya shi ne 'yar ƙara ko lokacin da kake karatu kawai, da saurin cikar raga tun da iska na wucewa kullum. Ga shagon wasanni ko ɗakin haɗa bidiyo inda na'ura ke aiki daga safe zuwa dare, ita zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Hanya ta uku ita ce a sa su bi wanda ya fi zafi tsakanin CPU da katin hoto. Yawancin BIOS ba sa ganin zafin katin, don haka sai da manhaja. FanControl, ta Rémi Mercier, kyauta ce a Windows. A ciki za ka zana layi ɗaya mai bin CPU, wani mai bin GPU, wato katin hoto, ka haɗa su da `Mix` ka zaɓi `Max`, sannan ka ɗora fankokin akwati a kan haɗin. Wannan ita ce mafi dacewa ga kwamfutar gida da ake karatu da ita da rana a yi wasa da dare: shiru idan ba aiki, iska idan katin ya ɗau zafi. Rauninta shi ne ta dogara ga manhajar ta tashi tare da Windows. Saboda haka a fara gyara jadawalin BIOS ya zama mai hankali, don shi ne zai riƙe fankokin a duk lokacin da manhajar ba ta aiki.

Ga jadawalin da zan fara da shi a na'urarmu. Fankokin gaba, masu bin katin hoto: kashi 35 har zuwa digiri 50, su hau a hankali zuwa kashi 60 a digiri 70, kashi 80 a digiri 80, cikakken gudu a 85. Ta baya ta bi layi ɗaya amma ƙasa da kashi 5 zuwa 10. Fankar CPU: kashi 35 har zuwa digiri 55, kashi 55 a 70, kashi 75 a 80, cikakke a 88. Dalilin waɗannan iyakoki shi ne 5600X yana da iyakar digiri 95, RTX 3060 kuma 93, amma katin yakan fara rage gudunsa kaɗan-kaɗan tun kafin nan, kuma a wajen digiri 83 yake ƙoƙarin tsayar da kansa. Burin shi ne a riƙe shi ƙasa da 80 bayan sa'a guda. Neman a ga digiri 60 a tsakiyar wasa wahalar da kunne ne kawai.

Wuri mafi muhimmanci a layin shi ne inda na'urar ke zama a dogon aiki. Idan katinka a digiri 72 zuwa 76 yake yawo, kada layin ya yi tsayin gangare a nan, in ba haka ba kowane digiri ɗaya zai canza sautin. A kwantar da shi a wannan yanki, a bar hawan mai tsanani sai can sama. Sannan a sa jinkiri. A FanControl sunayensu `Hysteresis` da `Response time`: digiri 3 da 'yan daƙiƙu sun isa su haɗiye tsallen CPU. A BIOS kuma `Step Up` da `Step Down` ne, sai dai wasu alluna jinkirin da suke bayarwa bai kai daƙiƙa guda ba, wanda bai cika yin tasiri ba.

Zafin ɗaki yana shiga lissafin kai tsaye. Idan ɗaki ya ƙaru da digiri goma, kayan ciki ma za su ƙaru da kusan goma a gudun fanka iri ɗaya. Jadawalin da aka kwafo daga wanda ke zaune a ɗaki mai digiri 22 ba zai dace da ɗaki mai digiri 36 a watan Afrilu ba. A irin wannan ɗaki CPU na iya zama a digiri 50 ba ya aikin komai, kuma layin da ya fara hawa tun daga 40 zai sa fankoki gudu a banza. Maganin shi ne a matsar da farkon hawan gaba, a bar ƙarshensa inda yake, domin iyakar 95 ba ta san bazara ba. Gara a ajiye jadawali biyu, na sanyi da na zafi. Wani abu kuma: katunan hoto da yawa kan tsayar da fankokinsu cak idan zafi ya sauka ƙasa da wajen digiri 50 zuwa 60. A ɗaki mai zafi katin yakan tsaya daidai kan wannan iyaka, yana kunnawa yana kashewa. Manhajar MSI Afterburner za ta ba ka damar sa masa ɗan gudu mai ɗorewa, idan katin ya yarda.

Yadda za a gane inda matsalar take

Kafin a sayi ko da fanka ɗaya, a yi gwajin murfi. Buɗe manhajar HWiNFO64 mai nuna zafin kayan ciki, ka yi wasan da ka saba na aƙalla minti arba'in, ka rubuta matsakaicin zafin CPU da GPU da juyin fankar katin, da zafin ɗakin idan kana da ma'auni. Matsakaici ake so, domin lamba mafi girma tsalle ne na daƙiƙa guda. Sannan cire murfin gefe ka ci gaba na minti ashirin. Idan zafin katin ya faɗi da digiri biyar ko fiye, ko juyin fankarsa ya ragu sosai, akwatin ne ke shaƙe shi, kuma gyaran jeri ko ƙarin gudun fankokin gaba zai yi amfani. Idan digiri ɗaya ko biyu ne kawai, iskar akwati ta wadatar, ƙarin fanka asara ce.

A wannan hali na biyu sai a duba katin kansa. HWiNFO64 na nuna `GPU Temperature` da `GPU Hot Spot Temperature`. Tazarar digiri 10 zuwa 15 a tsakaninsu ba abin damuwa ba ce. Idan ta kai 25 ko 30, mai yiwuwa man da ke tsakanin guntun GPU da ƙarfen sanyaya ya bushe ko ya zame, kuma babu jadawalin da zai gyara wannan sai an sake shafa sabo. Idan kuwa komai lafiya amma ɗakin ne ya yi zafi, abin da ya rage shi ne a rage wutar da katin ke ci. Sauke `Power Limit` zuwa kashi 80 a Afterburner zai mayar da wat 170 zuwa 136, gudun wasan kuma yakan ragu da ƙasa da wannan kason nesa ba kusa ba. A sake gwajin minti arba'in bayan kowane canji guda, a cire zafin ɗaki daga sakamakon kafin a kwatanta na yau da na jiya.